Likita Na Amsa: Rubutun Kwalin Ƙwai da Launin Ɓawo

Wata uwa daga Garwa: Likita, surukata ta ce ƙwai mai jan ɓawo ya fi fari gina jiki, shi za a riƙa ba yara. Haka ne?

Hajiya, a gaida Mama, amma launin ɓawo daga jinsin kaza yake zuwa. Ɓawon kowane ƙwan kaza da fari yake farawa, sai a sa'o'in ƙarshe kafin a saka shi wasu kajin ke shafa masa launi ta waje. Ki fasa jan ƙwai ki leƙa cikin ɓawon, fari za ki gani. Idan nauyinsu ɗaya kuma abinci ɗaya kajin suka ci, abin da ke cikinsu ɗaya ne: ƙwai matsakaici na ba da furotin kimanin giram 6, ja ne ko fari.

Gwaiduwa ce ke nuna abin da kaza ta ci. Wadda ta samu jar masara da ganye tana yin gwaiduwa mai jan ɗorawa, wadda aka ciyar da farar masara ko dawa tata kan koɗe. Ko wannan ma ba ma'aunin furotin ba ne. Abin da ke damuna shi ne uwa ta hana yaro ƙwai don tana jiran ta samu ja. Daga wata shida a dafa masa wanda aka samu, ya dahu sosai har gwaiduwar ta daskare.

Mai shayi daga Marwa: Ina ganin M da L a kwali, wani kuma an sa A. Wanne ya fi riba, wanne ya fi kyau?

Malam, abu biyu ne daban. S, M, L da XL nauyi suke nunawa. A ma'aunin Turai, S bai kai giram 53 ba, M daga 53 zuwa 63, L daga 63 zuwa 73, XL kuma 73 zuwa sama. Shi kuwa A daraja ce: ɓawo mai tsabta ba tsaga, kuma iskar da ke gindin ƙwan ba ta wuce milimita 6 ba. Bai ce komai a kan bitamin ba.

Mafi yawan ƙwan da kake sara a kiret mai 30 yake zuwa ba rubutu, don haka sikeli ne abokinka. Ka auna kiret, ka cire nauyin kwalin. A ce na farko ƙwansa giram 58 ne, ka samu giram 1,740 ke nan, an sa masa sefa 2,100. Na biyu giram 68, jimla 2,040, a kan sefa 2,400. Kilo na farko ya faɗo kusan sefa 1,207, na biyu kusan 1,176. Manyan sun fi araha a kilo. Sai dai kai ɗai-ɗai kake soyawa kana sayarwa, don haka sai in mai saye zai ƙara kuɗi saboda girma za ka ga ribar. Ka kuma sani tsofaffin kaji ne ke saka manyan ƙwai, ɓawonsu ya fi siranta, ya fi saurin fashewa a kan babur.

Wata ma'aikaciya daga Njamena: A babban kanti na ga kwali mai hoton kaza a ciyawa, kuɗinsa ya fi. In saya?

'Yar'uwa, hoto ba shaida ba ne. Idan ƙwan daga Turai ya zo, akwai lamba a jikin ɓawon kansa, kuma ta farkon ce ke magana: 3 kajin keji, 2 kajin da ke yawo a ƙasa cikin rufaffen ɗaki, 1 kajin sake masu fita fili, 0 kuma masu fita fili da ake ciyarwa da abincin da aka noma ba takin zamani ba maganin feshi. Haruffa biyun da ke biye ƙasa ce, misali FR Faransa. Wanda aka zuba a kwali a nan gida ba lalle ne ya bi wannan tsari ba, sai ki tambayi gonar da ya fito.

Kazar da ke shan rana na iya ba da ƙwai mai ɗan ƙarin bitamin D, amma furotin bai canza ba. In kina da hali kuma jin daɗin kajin ne a ranki, ki saya. Ni kwanan wata nake fara dubawa. A ma'aunin Turai, wa'adin cin ƙwai kwana 28 ne daga ranar da aka saka shi, zafin Maris da Afrilu na nan kuwa yana tsufar da shi tun kafin lokacin idan ba ya firji. In ba kwanan wata, ki sa ƙwai a kofin ruwa: sabo yana kwanciya a ƙasa, wanda ya kwana biyu yana miƙewa tsaye, wanda ya taso sama ya tsufa ƙwarai, ki zubar. Wanda kika jiƙa ki dafa shi a ranar, domin ruwa na wanke siririn rufin da ke tare ƙwayoyin cuta daga shiga ta ƙofofin ɓawo.