Silaid 14 gare mu, sun ce mu kawo shi a rubuce

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ƙungiyarmu ta mata ce a Agege, muna koyar da ɗinki. Mun je Ikeja mun yi firizenteshan gaban masu ba da tallafi, silaid 14, kuma wallahi ya burge su har tafi aka yi mana. Yanzu sun turo fom ta imel wai mu cike a rubuce kafin sati biyu. Na kwashe abin da ke cikin silaid ɗin na zuba a Word gaba ɗaya bai cika shafi biyu ba, kuma ko ni da na karanta ban gane kansa ba. Shirin namu mata 60 ne, keke 10, shekara ɗaya. Ta ina zan fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. To ai abin da aka tafa wa a Ikeja ba ya cikin silaid ɗin, a bakinki yake. Silaid ya nuna kalma huɗu ke kuma kin yi minti uku kina bayani, kin ba da labari, an yi tambaya kin amsa, duk wannan ya tafi da iska ranar. Kuma sau da yawa wanda zai karanta fom ɗin ya ba shi maki ba ya cikin ɗakin ma, wani ne daban da tarin takardu a gabansa, ba zai kira ki a waya ya ce me kike nufi da wannan layin ba. Don haka aikin farko shi ne ki dawo da maganar nan da ta ɓace.

Ki rufe Word tukuna. Ki samu wata wadda ba ta san shirin ba, ko ƙanwarki ko maƙwabciya, ki buɗe silaid ɗin a gabanta ki kunna rikodin a wayarki ki sake yin bayanin kamar yadda kika yi ranar, da Hausa ma ba komai, kuma ki ce mata duk inda ba ta gane ba ta tsayar da ke. Tambayoyinta su ne zinariyar, domin su ne tambayoyin da mai karatun zai yi a ransa. Bayan nan ki saurara ki rubuta abin da kika faɗa a ƙarƙashin kowane silaid. Idan dama kin rubuta wani abu a wajen Notes na PowerPoint, a kwamfuta mai Windows ki shiga File, sai Export, sai Create Handouts, zai tura miki silaid da bayanan zuwa Word. Kar ki dogara da Outline View kaɗai, shi rubutun da ke cikin akwatunan asali na silaid kawai yake nunawa, wanda kika saka a Text Box da hannunki ko wanda ke jikin hoto ba zai fito ba, mutum sai ya ɗauka ya kwashe komai alhali rabi na can.

Sai kuma tsari. Jerin silaid ɗinki an yi shi ne don kama hankalin mutanen da ke zaune, ƙila da hoton wata ɗaliba kika buɗe. Fom kuwa da nasa jerin ya zo, kuma da shi za a ba ki maki. Yawanci za ki ga Problem Statement wato bayanin matsala, Objectives wato manufa, Methodology ko Activities wato ayyuka, Monitoring and Evaluation wato bibiyar aiki, Sustainability wato ɗorewar shiri, sai Budget Narrative wato bayanin bajet. Ki firinta silaid ɗin, ki rubuta waɗannan kanun a takardu daban daban ki shimfiɗa a tabarma, ki riƙa ɗora kowane silaid inda ya dace. Za ki ga wani silaid ɗin sai an raba shi gida biyu, za ki kuma ga wani kan babu ko takarda ɗaya a kansa. Kusan kullum na bibiyar aiki da na ɗorewar shiri ne ke zama fanko, saboda a baki mutum cewa yake za mu riƙa bibiya in sha Allah ya wuce. Waɗannan biyun daga tushe za ki rubuta su, ki ware musu kwanaki tun yanzu.

Bari mu ɗauki silaid guda mu yi aikinsa tare. A ce ga abin da ke jiki: horar da mata 60, keke 10, ƙwararrun malamai, dogaro da kai. A ɗaki wannan ya wadatar. A takarda mai karatu zai tsaya a layin farko ya ce mata 60 a keke 10 ta yaya, mutum shida kan keke ɗaya? Ke kin san amsar amma takardar ba ta sani ba. To ki tambayi kowane layi: wa zai yi, wa za a yi wa, su nawa, yaushe, a ina, kuma me ya sa haka ba wata hanyar ba. Ni ban san ainihin tsarinku ba, amma a ce haka yake, ga yadda sakin layin zai fito:

"Za a raba matan 60 rukuni uku, kowane rukuni mata 20 na tsawon wata huɗu, domin keke 10 muke da su kuma mata biyu ne za su yi amfani da kowane keke. Za a riƙa karatu kwana uku a mako daga ƙarfe 10 na safe zuwa 1 na rana, saboda yawancin matan sai sun kai yara makaranta kuma su ne za su ɗauko su. Malamai biyu ne za su koyar, kowacce da ɗalibai 10. Kwamitin mutum biyar ne zai zaɓi ɗaliban, za a fifita zawarawa da matan da ba su da wata sana'a."

Ki lura da "domin" da "saboda" ɗin nan. Su ne abin da silaid ba ya ɗauka kwata kwata, ɗigo ɗigo yake jera abubuwa kamar kayan miya a tire a Mile 12, ga tumatir ga attarugu ga albasa amma ba a haɗa miya ba. In kin gama sakin layi kika ga babu dalili ko ɗaya a ciki, jimloli ne kawai a jere kowacce na farawa da za mu za mu, to silaid ne har yanzu, kin dai ƙara masa kalmomi.

Layin ƙarshe, dogaro da kai, shi ya fi ba mutane wahala, kuma ba a wajen ayyuka zai zauna ba, wajen manufa da bibiya zai koma. Cewa an horar da mata 60 aikin da kuka yi ne. Abin da mai kuɗi ke son gani shi ne me ya canza a rayuwarsu, misali daga cikin 60 ɗin 40 suna karɓar ɗinkin kuɗi wata uku bayan yaye su, kuma ki faɗi yadda za a sani, wa zai je ya duba, da wane littafi ake rubutawa. Amma ga tarko a nan: idan shirin wata 12 ne kuma rukuni na uku a wata na 12 zai gama, yaushe za ki auna wata ukunsu? Kuɗin ya ƙare rahoto ya wuce. Ko dai ki nemi wata 15, ko ki rage tsawon karatun, ko ki rubuta ƙarara cewa rukuni biyun farko za a auna, wato mata 40, ki daidaita adadin da kike alkawari da su. Irin wannan ba ya taɓa bayyana a firojekta, sai an zauna rubutu.

Hotuna da jadawali kuma, fom da yawa musamman na intanet akwatin rubutu ne zalla ba wajen saka hoto. Duk jadawalin da kika nuna ki faɗi abin da ke cikinsa a jimla ɗaya ko biyu, tare da inda adadin ya fito da shekararsa. Idan ku kuka bi gida gida a unguwa kuka ƙirga, ki ce haka, gida nawa kuma a wane wata, wannan ya fi wani babban adadi na Najeriya gaba ɗaya da kika tsinta a intanet ba ki san mai shi ba. Adadin da ba za ki iya kare shi ba ki cire. Labarin ɗalibar nan da ya taɓa zukata, jimla uku ya ishe shi a wajen bayanin matsala, kuma kar ki sa sunanta sai da izininta.

Sai bajet, nan ne na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na taya wata ƙungiya rubutu, a labarin muka ce ɗalibai 60, ashe takardar bajet tsohuwa ce an yi lissafin kayan yaye na mutum 75, babu wanda ya haɗa su ya duba saboda mutum biyu ne suka yi aikin, ɗaya a Agege ɗaya a Idi-Araba, ta WhatsApp ake tura wa juna. Sai da aka dawo mana da tambaya muka gani, kunya kamar ƙasa ta tsage. Tun daga nan nake ɗaukar biro ja in zagaye kowace lamba a rubutun in nemo 'yar'uwarta a bajet. Kin ce malamai biyu, to layin alawus ya nuna biyu, a ce naira 50,000 a wata, sau 2 sau 12 ya ba da 1,200,000, kuma bayanin bajet ya faɗi wannan lissafin a fili. Haka kuma duk abin da ke bajet sai an ambace shi a ayyuka, kar man janareta ya fito a kuɗi alhali ba a taɓa cewa ga abin da za a kunna da shi ba.

Kafin ki fara rubutun ki duba iyakar da suka sa wa kowane sashe, wasu kalmomi suke ƙirgawa wasu haruffa, kuma masu ƙirga haruffa yawanci har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. A Word ki zaɓi sakin layin ki danna Word Count ki kalli Characters (with spaces). Wani fotal ɗin, wato shafin intanet da ake cike fom, in kin wuce iyaka yanke ƙarshen kawai zai yi ba tare da ya gaya miki ba, don haka bayan kin liƙa ki gangara ki tabbatar jimlar ƙarshe ta shiga. Sunan ƙungiya ki rubuta shi daidai yadda yake a satifiket ɗin rajistarku na CAC, ba gajeren da kuka sa a silaid ba. Taƙaitawar da ke farkon fom kuwa ita za ki rubuta a ƙarshe.

A sati biyun nan ni da zan raba, kwana biyu na rikodin da kwafewa, kwana ɗaya na shimfiɗa takardu, kwana shida na rubutu, kwana biyu na haɗa lambobi da bajet, sannan ki ba wani wanda bai je Ikeja ba ya karanta ya gaya miki da bakinsa me za ku yi, mata nawa, nawa kuke nema. Inda ya yi tuntuɓe ki koma ki gyara. Ki tura saura kwana biyu, kin dai san halin netwok da wuta a garin nan.