Tambaya da Amsa: Me Za Mu Rubuta Wa Masu Ba Da Kuɗin Burtsatse?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙauye a yankin Funtuwa mai mutane kamar 2,000. Wata Hajiya da 'yan garinmu mazauna Abuja sun yarda su haɗa kuɗi a yi mana burtsatse mai sola da tanki, amma sun ce sai mun kai musu taƙaitaccen bayani, shafi ɗaya ko biyu, da zai nuna aikin zai yiwu. Mai safiyo ya zo ya ce akwai ruwa sosai. Tsorona shi ne, wadda aka yi mana a baya ko shekara ba ta yi ba ta ƙafe, kuma in wannan ma ta mutu ni za a riƙa nunawa da yatsa. Me zan rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tsoron nan naka yana kan hanya, kuma gara ka shigar da shi cikin takardar da ka ɓoye shi. Kada ka rubuta musu cewa akwai ruwa. Yau babu wanda ya san yawan ruwan da ke ƙarƙashin filin nan, har da mai safiyon. Abin da za ka rubuta shi ne ruwan da garin yake buƙata, ruwan da ake sa ran rijiya ɗaya za ta bayar, da yadda za a tsare kuɗin mutane idan biyun ba su haɗu ba.

Fara da buƙata, don lissafinta kowa zai gane. Manufar samar da ruwa da tsaftar muhalli ta ƙasa ta shekarar 2000 ta ware wa mutumin karkara lita 30 a rana. Mutum 2,000 ke nan lita 60,000 kullum, jarka 2,400 ta lita 25, ba a sa shanu ba, ba a sa makaranta da masallaci ba, ba a kuma sa yaran da za a haifa nan da shekara goma ba. Rubuta adadin da jarka, domin Hajiya ta san jarka.

Yanzu sai inda nake so ka zauna da kyau, don a nan kuɗin jama'a yake nutsewa, kuma kusan kullum sai na yi wannan gardamar da wani. Mutane sun ɗauka samun ruwa da isar ruwa abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Na'urar safiyo ba ta ganin ruwa. Ƙarafa ake kafawa a ƙasa, a tura lantarki, a auna yadda ƙasar take barin wutar ta wuce. Inda dutse ya ruɓe ya jiƙe, wuta tana wucewa cikin sauƙi, sai a ce nan ya fi alama. To amma jiƙaƙƙen yumɓu ma haka yake nunawa, shi kuwa yumɓu yana riƙe ruwa ne, ba ya sakinsa. Safiyo mai kyau yana rage hasara, yana nuna maka inda ya fi cancanta a gwada da zurfin da za a tarar da dutse. Ba ya faɗin lita nawa za a samu a awa. Duk wanda ya buga ƙirji ya ce ya ga kogi a ƙarƙashin ƙasa, ka riƙe aljihunka. Na sha ganin rahoton safiyo guda, zane iri ɗaya, lambobi iri ɗaya, an canza sunan gari kawai a bango. Masu yawo da sanda mai baki biyu ko ƙwallon kwakwa a tafin hannu kuwa, ba zan ma ɓata tawada a kansu ba.

Yankinku ƙasar dutse ce, kamar yawancin Kano, Kaduna, kudancin Katsina da gabashin Zamfara. Ruwanku yana zaune ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogin da ke ƙarƙashinsa, galibi cikin mita 30 zuwa 60 na farko. Idan aka wuce nan aka shiga ɗanyen dutse marar tsaga, ko mita 150 aka yi ƙura kawai za a tara. Shi ya sa rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya, wannan ta wadata, waccan ta bushe. A Maiduguri ko wajen Argungu da Birnin Kebbi labarin daban ne, can yashi ne shimfiɗe hawa-hawa, zurfi yana iya kai ka ga ruwa mai yawa. Amma ɗan kwangilar da ake biya kan kowace mita ba zai gaya maka bambancin ba. Zai ce a ƙara zurfi, masu kuɗi kuma su ji daɗi, don a ganinsu rijiya mai zurfi ita ce mai ƙarko.

Sai ranar haƙa. Kwamfuresa ta hura iska, ruwa ya yi tsiri sama, yara suna ihu, mata suna guɗa, an ɗauki bidiyo an tura Abuja, an biya ɗan kwangila ya naɗe kayansa. Tsaya ka lissafa. Rami mai faɗin inci 6 yana ɗaukar kusan lita 18 a kowace mita. Idan ruwa ya kwana ya taru mita 30 a ciki, ka sami fiye da lita 500, kuma wannan ya isa ya yi tsirin da zai burge kowa na 'yan mintuna. Tsirin bai gaya maka saurin da ƙasa take mayar da abin da aka ɗiba ba, alhali wannan saurin shi ne rijiyar. Ina kyautata zaton abin da ya kashe tsohuwar rijiyarku ke nan: an zura sumo mai jan lita 3,000 a awa cikin ramin da ba ya kawo ko rabin haka. Alamarsa sananniya ce. Ruwa ya zo da ƙarfi da safe, bayan minti goma ko ashirin ya fara tari yana fitar da iska, a kashe a jira, a sake kunnawa, har ranar da injin ya ƙone. Ka tambayi wanda yake kunna ta a lokacin ko haka aka yi. In haka ne, wataƙila ramin yana nan da ransa, tuƙa-tuƙa kawai yake buƙata, kuma wannan ma ya cancanci layi ɗaya a takardarka.

Abin da yake faɗin gaskiyar rijiya shi ne gwajin janyo ruwa. A zura injin gwaji, a fara da ja kaɗan, a ƙara mataki-mataki, sannan a tsaya kan ja ɗaya awa 24 ba tsayawa, ana auna yadda ruwan yake sauka ana rubutawa. A kashe, a auna tsawon lokacin da zai ɗauka ya dawo inda yake. Idan ya sauka ya tsaya cak, rijiyar tana iya ɗaukar wannan jan. Idan yana ta sauka har ƙarshe, ba ta iyawa. Gwajin watan Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe, ya fi na Satumba gaskiya. 'Yan kwangila ba sa son sa saboda yana cin man janareta da kwana guda, kuma yana tona asiri.

Bari mu ɗauka gwaji ya nuna lita 2,900 a awa, wanda a ƙasar dutse ba a raina shi. Sola tana ba da cikakken ƙarfi kamar awa 6 a rana, ya ragu a hazon hunturu da gajimaren Agusta. Ka samu lita 17,400, wato jarka kusan 700, ruwan mutum 580. Garinku na buƙatar jarka 2,400. Rijiyar ta yi kyau, amma ko kashi ɗaya cikin uku na garin ba ta ɗauka ba. Girman tanki ba ya canza wannan, ƙarin allon sola ma ba ya ƙara wa ƙasa ruwa. Zaɓinku shi ne a haɗa da janareta a ƙara awanni idan gwajin ya nuna rijiyar za ta jure, ko a haƙa biyu ko uku a wurare daban-daban, ko a faɗa a fili cewa wannan ruwan sha da girki ne kawai, wanki da dabbobi su ci gaba da rijiyoyin gida.

Za ka ce ai ba a haƙa ba tukuna, ina za ka samo lambar? Ka zaga burtsatsen da ke kusa da ku, na maƙwabtan ƙauyuka, na asibiti da na makaranta. Nawa ke aiki, nawa suka mutu, zurfin kowacce, minti nawa take cika jarka a bazara. Hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara ta jiha, wato RUWASSA, takan ajiye bayanan wasu, kodayake kafin a fito maka da fayil sai takalminka ya ji jiki. Da wannan za ka rubuta hasashe, ka kuma kira shi hasashe.

Sannan ka nemi a raba kuɗin gida biyu, wannan ita ce jimlar da ta fi kowace muhimmanci a takardar. Kashi na farko na safiyo, haƙa, bututu, tsakuwa, simintin toshe bakin rami, gwajin janyo ruwa da gwajin lafiyar ruwa. Kashi na biyu, wato sumo, sola, tanki da kawunan famfo, ba a sake shi sai sakamakon gwaji ya zo, domin da shi ake zaɓen girman injin. Ka rubuta ƙarara cewa ana iya haƙawa a tarar da busasshen rami, ka faɗi wanda zai ɗauki asarar, ka ware kuɗin haƙa rami na biyu. Yarjejeniyar "ba ruwa, ba biya" tana da daɗin ji, amma in ba a rubuta lita nawa a awa ake nufi da ruwa ba, ɗan kwangila zai tsaya a danshin farko ya miƙo hannu.

Lafiyar ruwa kada a auna ta da ido ko harshe. A kai ɗakin gwaji. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya ya taƙaita sinadarin fuloraid a miligiram 1.5 cikin lita, sinadarin naitiret a 50, kuma bai yarda da ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya ba. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse garai-garai mai yawan fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa kafin a farga. Rijiyar kuma ta nisanci masai da aƙalla mita 30, ko da mai unguwa ya fi son ta a ƙofar gidansa.

Saura wanda zai riƙe ta. Masu bayarwa suna son allo mai suna da ranar yanke ƙyalle, amma sadakar da ake fata ta gudana tana tsayawa ne ranar da sumo ya ƙone babu asusun gyara. Ka rubuta sunan kwamitin ruwa, da mata a ciki tunda su da yara ke ɗiba, ka faɗi mai gyaran da ya fi kusa, da kuma filin da aka mallaka wa gari a rubuce. A misali, jarka 500 a rana kan naira 20 ta ba da naira 300,000 a wata, a cire albashin mai kula da famfo da mai gadin sola, ragowar ta shiga asusun banki mai sa hannun mutum uku. Idan mutanen gari sun ce su ba za su sayi ruwan sadaka ba, a zauna da dagaci da liman a warware wannan kafin ka aika takardar, ka kuma haɗa da kwafin abin da aka amince a zaman.