Gwaji ya faɗi: me zan rubuta wa mataimakin malami?

Tambaya: Malam, a aikin Python da aka ba mu, gwaji ɗaya cikin goma ya ƙi wucewa. Na tura wa mataimakin malaminmu hoton allo na ce "ba ya aiki", sai ya ce in kawo ƙaramin misali. Me yake nufi? Ɗaliba daga Gusau.

Amsa: Malama, so yake ya ga kuskuren ya auku a kwamfutarsa, kuma hoto ba ya kwafuwa balle a gwada shi. Rubutu za ki tura, mai ɗauke da abin da kika shigar, abin da gwajin yake jira, da abin da ya fito a zahiri.

Mu ɗauka shirinki yana karanta makin ɗalibai 40 daga fayil, yana fitar da matsakaicin kowa. Yi kwafi tukuna, kada ki taɓa na asali. Cire rabin ɗaliban ki sake gwadawa. In kuskuren yana nan, sake rabawa. In ya ɓace, to yana cikin rabin da kika cire, ki koma can. Sau shida ya isa ki tsaya kan ɗalibi guda. Daga nan ki yar da karanta fayil ɗin gaba ɗaya, ki rubuta makin da hannu (sunayen 'yan ajinku ma ba su da dalilin fita):

```python
def matsakaici(maki):
    return round(sum(maki) / len(maki))

print(matsakaici([60, 65]))
```

Alamar kin gama ita ce duk layin da kika ƙara cirewa, kuskuren ya ɓace ko shirin ya ƙi tashi. Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne su yi ta yanka har kuskuren ya canza kama, su tura `NameError` alhali ba shi ne ciwon ba. Saboda haka ki zuba misalin a sabon fayil, ki gwada shi kafin ki tura.

Saƙon kuwa ga shi: "Malam, barka da aiki. `test_matsakaici` ne ke faɗuwa. Na ba shi 60 da 65, gwajin yana jiran 63, ya fito da 62, `pytest` ya nuna `assert 62 == 63`. Da 60 da 67 ya ba da 64, daidai. Python 3.11 nake amfani da shi. Ina zargin `round`, amma ban tabbatar ba."

Kin ga an raba abin da ido ya gani da zato. Ambaton sigar ma ba ado ba ne, `python --version` zai nuna miki ita. A Python 3, in adadi ya tsaya daidai tsakiya, `round` yana kai shi ga wanda biyu ke rabawa, shi ya sa 62.5 ya zama 62, 63.5 ya zama 64. A Python 2 kuwa `round(62.5)` 63.0 yake bayarwa. Wanda ya san wannan, yana ganin 60 da 65 zai gane, ko a waya ya buɗe saƙon.