An rage min albashi ba tare da an tambaye ni ba

"Ina aikin akanta a wani kamfanin shinkafa a Birnin Kebbi. An rage min albashi daga dubu 90 zuwa 70, an kuma ce in koma lodin buhu. Suna da iko?"

Malam, albashin da ke cikin takardar daukar aiki yarjejeniya ce, bangare daya ba ya canza ta shi kadai. Dokar Kwadago ma ta takaita abin da ake cirewa a albashi, sai irin su haraji da fansho.

Inda mutane ke faduwa shi ne shiru. Ka karbi dubu 70 wata da watanni ba ka ce uffan ba, gobe a ce ai ka yarda. Rubuta musu takarda yanzu cewa ba ka amince ba, kana karba ne kana bin dubu 20, ka ajiye kwafi. Kada ka sa hannu a sabuwar takarda.

Maganar aiki kuwa da sauki-sauki. Su ce ka hada da lissafin sito, wannan bai fita daga aikinka ba, kin yi zai zama laifi. Amma akanta ya koma dako, wannan wani aiki ne daban, kana iya ki. Sai dai suna iya ba ka notis su sallame ka, don haka ka ci gaba da zuwa aiki, ka kai kuka ofishin kwadago na tarayya kafin maganar Kotun Ma'aikata.