Kafin alƙalami ke riƙe rana, ba daɗin baki ba

"Ina da gidan abinci a Jos, wajen titin Bauchi, da ɗan zauren taro mai cin mutum 200. Ƙanwata ke ɗaga waya. Watan jiya wata ta kama mana Asabar don walima, muka yi cefane a Farin Gada, sai ranar Alhamis ta ce an ɗaga biki. A rubuta min kalaman da za mu riƙa jawo masu biki da suna a waya, don ina son buɗe reshe a Abuja baɗi."

Hajiya, ajiye maganar Abuja tukuna. Daɗin baki bai yi muku ƙaranci ba, ai matar nan ta jawu. Abin da ya cuce ki shi ne an ba ta Asabar a kan fatar baki, ba ta ajiye ko sisi ba. Ta fasa ba ta rasa komai ba, ke kuwa kin rasa kuɗin tumatir da kabeji, kin kuma rasa duk wanda ya kira daga baya aka ce masa an kama ranar.

Ga abin da ƙanwarki za ta riƙa faɗa, littafi buɗe a gabanta. Bayan sallama da "Allah ya sanya alheri", ko "Allah ya raya" in suna ne, sai ta ce: "Wace rana ce, kuma ƙarfe nawa za a fara zuba abinci?" Lokacin zuba abinci take nema, ba lokacin taro ba, domin ɗaurin auren bayan Juma'a yakan sako muku jama'a gaba ɗaya cikin rabin awa.

Sai ta ce: "Faranti nawa za mu yi muku?" Kada ta tambayi mutum nawa. Babu uwar biki da ta san mutum nawa za su zo. A raba kati 150, mutum 250 su hallara, kowace da 'yar rakiya. Faranti kuwa ana ƙirga shi. Ta faɗi abin da ke ciki ƙarara: dafa-duka, tsoka biyu, zoɓo gora ɗaya. In an nemi ƙari ran biki, kuɗinsa daban, kuma a hannu.

Tambaya ta uku ita ake jin nauyin yi, ita ce kuma ta fi muhimmanci: "Hajiya, wa zai biya, kuma wa ke da ikon canja magana?" Suna ɗaya, lamba ɗaya. Na taɓa zama sasanci tsakanin wani mai gidan abinci da dangin amarya. Gwaggon amarya ce ta kira ana jibi biki ta ce a ƙara farfesun kayan ciki, yaron da ke kan waya ya ce to. Aka dafa, aka cinye, uban amarya ya ce shi bai aiki kowa ba. Gaskiyarsa ne. Mai abinci ya haƙura da kuɗinsa.

Yanzu kuɗi. Mu ce farantinki naira 4,000 ne, an nemi 200, ya kama naira 800,000. Ta ce: "Za a ajiye kashi 70 cikin 100, wato naira 560,000, sauran ana jibi biki. Zan riƙe muku ranar zuwa gobe da la'asar. In kuɗi bai shigo ba, za mu ba wani." Ta kuma faɗi tun a lokacin cewa wanda ya fasa bayan an yi cefane, kuɗin cefane ba ya dawowa. Suna ba ya jira, kwana bakwai ne, kuma yawanci sai an ci biyu ko uku a kira ku, don haka shi a biya duka. Hoton rasidin tura kuɗi ba kuɗi ba ne. Sai kin ga kuɗin a asusunki da idonki za a rubuta suna a littafi. Daga nan ta tura musu duk abin da aka yi magana a rubuce ta WhatsApp, su amsa da "na yarda".

Na san inda za a samu matsala. Wata yayar mijinku za ta kira ta ce, "Haba 'yar nan, ni ce fa", kunya ta kama ƙanwarki. Ki ba ta mafaka tun yanzu: "Wallahi Yaya, Hajiya ta hana ni rubuta rana sai kuɗi ya shigo, bari in haɗa ku." In kina son yi wa 'yar uwa ragi, ke za ki yi da bakinki, kuma shi ma ya shiga littafi da adadinsa.