Daƙiƙar ƙari: ranar da agogon kwamfuta ke komawa baya

Tambaya: Malam, ni nake kula da sabobin wani ƙaramin kamfanin biyan kuɗi. Na ji an ce akwai daƙiƙar da ake ƙara wa agogon duniya, wai har ta taɓa kayar da manyan kamfanoni. Abokin aikina ya ce daƙiƙa ɗaya ba ta fasa komai, amma hankalina bai kwanta ba. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ɗan'uwa, damuwarka tana kan hanya, abokin aikinka kuwa bai yi daidai ba.

Agogon atom ba ya gaggawa ba ya jinkiri, amma juyawar ƙasa ba ta tsaya a kan ma'auni ɗaya ba. A mafi yawan shekarun baya, yini yakan zarce daƙiƙa 86,400 da milisakan ɗaya ko biyu, wannan ɗan rarar kuwa taruwa take yi kullum. Kafin giɓin ya kai daƙiƙa 0.9, hukumar IERS mai sa ido kan juyawar ƙasa takan yi sanarwa tun da saura wajen wata shida, sai a cusa wa lokacin UTC, wato agogon duniya, daƙiƙa mai suna 23:59:60 a ƙarshen Yuni ko Disamba. A Najeriya da Nijar 00:59:60 ke nan. Daga 1972 an yi haka sau 27, na ƙarshe ranar 31 ga Disamba 2016.

Abin da ke damuna, wanda kusan kullum nake gani a lambobin da ake kawo mini in duba, shi ne yarda da cewa agogon kwamfuta gaba kawai yake tafiya. Ba haka ba ne. A lissafin Unix kowace rana daƙiƙa 86,400 ce cif, babu gurbin 23:59:60. Saboda haka idan lokacin ya yi, Linux kan ja agogo baya ya maimaita 23:59:59. A ce manhajarka ta tura buƙata a 23:59:59.995, amsa ta dawo bayan milisakan 10. Agogo zai nuna 23:59:59.005. Ka ɗebe na farko daga na biyu, sai ka samu milisakan 990 ƙasa da sifili, wato amsa ta riga tambaya zuwa.

Wannan ne ya faɗa wa kamfanin Cloudflare a daren shiga 2017. Manhajarsu ta DNS, wadda aka rubuta da Go, tana auna saurin sabobin da take tambaya don ta zaɓi wadda za ta tura wa aiki. Awon ya faɗa ƙasa da sifili, aka miƙa shi ga `rand.Int63n`, shi kuwa ba ya karɓar irin wannan lamba, sai aikin ya rushe. Gyaran bai fi harafi ɗaya ba, sun mayar da `== 0` zuwa `<= 0`. Gwanaye ne suka rubuta manhajar nan. To, ina ga wanda ya kwafo lamba daga bidiyo, ya ɗora a kan kuɗin jama'a, yana kiran kansa ƙwararre?

Kuma kada ka ce tunda an daɗe ba a ƙara ba an huta. NTP, tsarin da ke daidaita agogon kwamfuta ta intanet, da kansa yakan ja agogo baya idan ya yi nisa da daidai, haka ma ma'aikacin da ya sa hannu ya gyara shi. Cutar ɗaya ce. Duk inda kake auna tsawon lokaci, ko wa'adin jiran amsar banki ne ko tazarar sake gwadawa, yi amfani da agogon da ba ya komawa baya:

```python
import time

farko = time.monotonic()
amsa = tura_bukata()
tsawo = time.monotonic() - farko
```

Shi `time.time()` bar shi ga rubuta kwanan wata. Kada kuma ka jera ciniki bisa hatimin lokaci kaɗai, domin a daƙiƙar da aka maimaita, cinikin baya yana iya shiga gaban na farko. Ka ba kowane ciniki lambar jeri tasa.

Sai maganar inda sabobinka suke karɓar lokaci. Google da Amazon ba sa maimaita daƙiƙar, shafe ta suke yi kaɗan-kaɗan cikin awa 24, daga tsakar rana zuwa tsakar rana a lokacin UTC. Dabarar tana aiki, amma idan ka haɗa `time.google.com` da `pool.ntp.org` a saiti ɗaya, a wannan rana za su saɓa da juna har wajen rabin daƙiƙa. Zaɓi hanya ɗaya ga dukkan sabobinka. Idan chrony kake amfani da shi, `chronyc sources` zai nuna maka su wa kake bi, `chronyc tracking` kuma zai nuna layin `Leap status`.

A Nuwamba 2022 babban taron awo na duniya ya yanke shawarar a daina wannan ƙari nan da 2035. Kafin nan dokar tana nan daram, har ma ta yarda a cire daƙiƙa idan ƙasa ta ƙara sauri, abin da ba a taɓa yi ba. Kada ka jira su. Ɗauki sabar gwaji, ja agogonta baya da daƙiƙa ɗaya ana tsakiyar ciniki, ka duba abin da ya shiga rajista.