Makina ya ƙaru, bonas ɗina ya ragu

Tambaya: "Jama'a, bara na ci maki 3 cikin 5 a kimanta aiki, bana 4, amma bonas ɗin bana bai kai na bara ba. An cuce ni ne?"

Wallahi ɗan'uwa ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Kafin ka je ka yi faɗa, nemi adadin ninkin da kamfani ya sa wa kansa bana gwargwadon cinikinsa, don a nan kuɗin suke zurarewa.

Ga yadda aka yi da ni. Tsurar albashina, ban da alawus, naira 200,000 ne a wata, wato 2,400,000 a shekara. Matakinmu kashi 10 cikin 100 na albashin shekara ake ba shi bonas, ya zama 240,000. Maki 3 a wurinmu ninkinsa 1.0 ne, maki 4 kuma 1.2. Sai a sake ninkawa da adadin kamfani. A shekarar da aka wuce abin da aka ɗiba, an sa 1.1, mai maki 3 ya tashi da 264,000. Da shekara ta juya ciniki ya faɗi, aka sa 0.7. Ka ga mai maki 4 ma 201,600 zai samu. Ya fi ƙoƙari, ya fi shan ƙasa, kuma babu wanda ya saci ko sisi.

Ni nawa ma ya fi haka ciwo. Ogana ya zaunar da ni a ofishinsa, ya ce "ka ci 4, ka cancanta", har da dafa kafaɗa. Na buga lissafi, 288,000, na manta da adadin kamfani sam. Na kira mai gidan haya na ce ya kwantar da hankalinsa. Ashe da manajoji suka shiga zaman daidaita maki, aka ce masu 4 sun yi yawa, mutumin nan ya miƙa sunana ba ko gardama, aka mayar da ni 3. Bai kuma faɗa min ba! Kullum muna gaisawa, har sahu ɗaya muke tsayawa a azahar. Sai a takardar albashi na ga 168,000, haraji kuma ya zo ya yanki rabonsa. Ina tsaye bakin POS na karanta alat ɗin ya fi sau biyar. Har yau in na tuna dafa kafaɗar nan raina ɓaci yake.

Daga baya da na huce na raba asarar: 86,400 faɗuwar ciniki ce ta ci, 33,600 kawai ke wuyan oga. Ban dai yafe ba.

Don haka ka tabbatar 4 ɗin nan shi ne a rubuce bayan zaman manajoji, maganar baki ba ta shiga lissafi. Ka tambayi sashen ma'aikata ko da tsurar albashi suka buga ko da duka har alawus. In an yi maka ƙarin albashi a tsakiyar shekara, wasu raba watannin suke yi. Kuma don Allah kar haushi ya sa ka ajiye aiki kafin ka duba takardar ɗaukarka, wani abokina ya tafi saura mako biyu a biya, ko kwabo bai gani ba.